Fitilar Iskar Taya da Ta Ƙi Mutuwa

A motoci da dama, kowace taya tana da 'yar na'ura a gindin bawul da ke aika ma'aunin iska zuwa kwamfutar motar. Tayar safaya yawanci ba ta da ita, shi ya sa fitilar TPMS ba ta mutuwa har sai an mayar da tayar asali.

Yanayin kamawar fitilar ke nuna matsalar. Idan ta kama ta tsaya cak, iska ce ta ragu. Idan kuwa ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, saƙon na'urar ne bai iso ba: ko ƙarfen fakaneza ya fasa ta wajen cire taya, ko batirinta ya ƙare. Batirin kan yi shekara 5 zuwa 10, kuma a rufe yake ruf, don haka na'urar dungurungum ake sauyawa, a yi wa sabuwar rajista a kwamfutar motar.