Jimlar da Ba Ta Ƙarewa: Wane Gwaji Ya Dace da Ita?

Ka raba gurasa biyu ka ci rabi, ka ci rabin abin da ya rage, ka yi ta yi. Jimlar 1/2 + 1/4 + 1/8 + ... ba za ta taɓa wuce gurasa ɗaya ba. Amma 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + ... duk da lambobinta na ƙanƙancewa, ba ta da iyaka. Nicole Oresme ya nuna haka tun wajen 1350: 1/3 da 1/4 sun fi rabi, huɗun da ke biye ma sun fi rabi, haka har abada. To yaya za a gane jimlar da ke da matsaya?

Ɗalibai sun fi son gwajin rabawa na d'Alembert, domin ba ya wahalarwa. Ana raba lamba ta gaba da wadda ta gabace ta. Idan sakamakon na dosar abin da bai kai 1 ba, akwai matsaya. Idan ya haura 1, babu. Ɗauki 2ⁿ/n!, inda n! ke nufin 1 × 2 × 3 har zuwa n. Rabawar na ba da 2/(n+1), wanda ke gangarowa sifili. Magana ta ƙare.

Ga inda gizo ke saƙar. Gwada shi a kan 1/n, ka samu 1. Gwada shi a kan 1/n², 1 ɗin dai za ka samu. Alhali ta farkon ba ta da iyaka, ta biyun kuwa Euler ya nuna tana tsayawa a π²/6, wajen 1.645. Samun 1 na nufin gwajin ya yi shiru ne kawai, kuma na sha ganin an rubuta hukunci a kan wannan shirun.

A nan sai kwatantawa. Lambobin 1/(n²+5) ba su kai na 1/n² ba, tunda kuwa babbar ta tsaya, dole ƙaramar ta tsaya. Amma a kula: kasancewa ƙasa da 1/n, mai tafiya ba iyaka, bai tabbatar da komai ba.

Gwajin saiwa na Cauchy, na 1821, ya fi dacewa idan n ta hau kan lambar gaba ɗaya, kamar (n/(2n+1))ⁿ. Cire saiwa ta n, abin da ya rage yana dosar 1/2, don haka akwai matsaya.

Idan kuma tarawa da ɗebewa na karɓa-karɓa, kamar 1 − 1/2 + 1/3 − ..., sharaɗin Leibniz biyu ne: lambobin su riƙa raguwa, su kuma doshi sifili. Wannan tana tsayawa wajen 0.693.

Kafin ka ɗauko kowanne, duba ko lambobin na dosar sifili. Idan ba sa yi, babu matsaya, kada ka ɓata tawadarka.