Sabis Ya Cika, Lamba Ta Ƙi Tafiya: Yadda Ake Gano Matsalar USSD A Waya

Duk mai duba kuɗin waya ko tura kuɗi ta lambobin nan da ke farawa da alamar * su ƙare da # ya san wannan saƙo. Ka danna lamba, waya ta ɗan yi shiru kamar tana aiki, sai ta dawo maka da rubutun Turanci:

```
Connection problem or invalid MMI code
```

Abin da saƙon ke cewa shi ne, ko dai waya ta kasa isar da buƙatarka ga kamfanin layi, ko kuma lambar da ka danna ba daidai take ba. Ba ya faɗin wanne ne daga ciki, kuma nan ne mutane ke ɓata kuɗi. Wani ya sayi data, wani ya kai wa mai gyara a sauya masa manhaja, wani ma ya goge wayar gaba ɗaya. Alhali yawancin lokaci abin bai wuce saiti ɗaya ko zaman sim a mazauninsa ba, kuma mai waya zai iya gano shi da kansa idan ya bi abin daki-daki.

Ta hanyar kira take bi, ba ta data ba

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, lambar USSD ba ta amfani da intanet. An ƙirƙiro ta ne tun zamanin 2G, kuma tana bin hanyar da waya ke bi wajen ƙulla kira da turken sabis. Shi ya sa ƙaramar waya mai madannai, wadda ba ta san data ba, take duba kuɗi ba tare da wahala ba.

Shi kuwa 4G, domin data aka gina shi. A wayoyi da yawa, idan kana kan 4G ka danna lambar USSD, waya sai ta sauka zuwa 3G ko 2G na ɗan lokaci, ta aika saƙon, ta karɓi amsa, sannan ta koma sama. Kana iya ganin haka da idonka: ka lura da alamar da ke saman allo yayin da kake danna lambar, za ka ga 4G ta koma 3G, H ko E. Idan wani abu ya hana wannan sauka, bidiyo zai yi ta gudu lafiya, sandunan sabis a cike, amma lambar ba za ta tafi ba. Saboda haka sayen data ko taɓa saitin APN ba ya maganin wannan matsala, domin APN na ɓangaren data ne.

Fara da lambar, kafin ka zargi waya

A 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta haɗe gajerun lambobin kamfanonin layi suka zama iri ɗaya. Da can kowane kamfani da tasa, amma yanzu waɗannan suna aiki a kan dukan layukan ƙasar:

```
*310#   *311*PIN#   *312#   *323#
```

Ta farko ta duba kuɗin kira ce, ta biyu ta sa kati, ta uku ta sayen data, ta huɗu ta duba ragowar data. Wanda hannunsa ya saba da tsohuwar lamba zai iya samun saƙon kuskure alhali wayarsa ƙalau take.

Wannan ya ba mu gwaji mafi sauƙi. Danna *310#. Idan ta amsa amma lambar bankinka ta ƙi, to hanyar waya a buɗe take, matsalar tana can wajen banki ko kuma a kuɗin kiranka. Tun tsakiyar 2025 ake cire kuɗin amfani da USSD na banki, naira 6.98 a kowane zama, daga kuɗin kiran da ke kan layi, ba daga asusun banki ba, don haka layin da babu ko kwabo a kai na iya tsayar da kai. A waya mai sim biyu kuma, a tabbata da layin da aka yi rajistar banki da shi ake dannawa. Kada a yi gwaji da *#06#, domin wannan lambar a cikin waya take tsayawa, tana nuna lambar IMEI ko da babu sim.

Idan *310# ma ta ƙi, sai gwaji na biyu: kira wani. Sakamakon kiran shi zai nuna maka inda za ka nufa.

Yanayin netwok

Bari mu ɗauki misali. A ce wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau yana da waya mai sim biyu. WhatsApp na aiki, hotunan buhuna na shigowa, amma tun jiya lambar banki ta ƙi. Ya danna *310#, ta ƙi. Ya kira ƙaninsa da ke tsaye a gabansa, kiran ya yanke tun kafin ya yi ƙara. Ƙanin ya kira shi, aka ce ba a samun layin. Data na gudu, kira ba ya fita ba ya shiga, USSD ta mutu: waɗannan alamu uku idan suka haɗu, da wuya ba a kulle wayar a kan 4G kaɗai ba. Sau da yawa yaran gida ne ke yin haka don data ta ƙara sauri, ta wani ɓoyayyen shafi da ake shiga da wannan lamba a wayoyin Android da yawa:

```
*#*#4636#*#*
```

A can ake zaɓar LTE only, a manta ba a mayar ba. Gyaran shi ne a shiga Settings, a nemi sashen sim da netwok, a taɓa layin da ke da matsala, a buɗe Preferred network type, ko Network mode a wayoyin Samsung. A zaɓi wanda ya haɗa 4G, 3G da 2G tare, domin waya ta riƙa hawa da sauka da kanta. Idan ta ɓoyayyen shafin aka kulle ta, wani lokaci sai an koma can an cire zaɓin. Daga nan a kunna Airplane mode na kamar rabin minti, a kashe, don waya ta sake gabatar da kanta ga turken sabis. Ɗan kasuwarmu ya yi haka, ya danna *310#, ya ga 4G ta koma 3G, amsa ta fito.

Idan kuma saitin daidai yake amma lambar na ƙi, a mayar da waya kan 3G ko 2G kaɗai a gwada. Ta amsa a haka? To wajen saukar ne ake samun tangarɗa, ko dai saboda raunin sabis a wurin, ko saboda VoLTE, wato tsarin yin kira ta kan 4G. A kashe VoLTE da Wi-Fi calling a sake gwadawa. Bayan an gama, a mayar da waya kan zaɓin da ya haɗa duka, in ba haka ba data za ta yi ta jan ƙafa.

Zaman sim

Alamar matsalar sim daban take. Sabis zai riƙa zuwa yana ɗaukewa, sunan kamfani ya ɓace daga allo, ko a ga No SIM ko Emergency calls only, musamman bayan waya ta faɗi. Lambar USSD ta fi jin wannan, domin zama ne guda da ke buƙatar haɗin ya ɗore daga farko har ƙarshe. Da zarar sim ya motsa, zaman ya watse.

A kashe waya, a fito da sim, a goge gefen da ke da ruwan zinariya da busasshen ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da gumin aljihu na taruwa a nan. Kada a sa miyau, kada a kankare da reza. A duba ƙusurwar da aka yanke ta dace da ta mazaunin, kuma sim ɗin ya kwanta daidai. Tsohon sim da aka datse da almakashi ya fi kowanne ba da wahala, domin ƙaramin sim na asali kaurinsa milimita 0.67 ne, tsohon kuwa 0.76, ga shi yankan hannu ba ya zama cif. Yana iya motsi, yana kuma iya lanƙwasa ƙananan ƙarafan da ke taɓa shi.

Sai gwajin da ke raba gardama. A sa sim ɗin a ɗaya ramin, sannan a wata waya. Idan ya yi aiki a wata waya, laifin na wayarka ne. Idan ya ƙi a ko'ina, to sim ɗin ne ko layin, sai a je ofishin kamfani da lambar NIN. Akwai gargaɗi a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba: idan sabis ya ɗauke gaba ɗaya ba dalili, ya ƙi dawowa a kowace waya, alhali na maƙwabta masu layi irin naka na aiki, a tuntuɓi banki da kamfanin layi nan take, domin haka abin ke kasancewa idan ɓarayi suka sauya layin mutum zuwa wani sim.

Saitin kamfanin layi

A ƙarƙashin Network operators, a tabbata zaɓin yana kan Select automatically. Mutanen garuruwan kan iyaka irin su Illela, Jibiya da Maigatari suna da wani lamari na daban: waya kan kama sabis ɗin Nijar, kamar yadda ta mutumin Birnin Ƙonni kan kama na Najeriya. A irin wannan hali lambar na iya ƙin tafiya. A duba sunan da ke kan allo, idan ba na kamfaninka ba ne, a zaɓi naka da hannu.

A duba kuma Fixed dialing numbers a cikin saitin kira. Idan a kunne yake, sim ba ya barin a danna kowace lamba sai wadda ke cikin jerinsa, kuma kashe shi na buƙatar PIN2. Masu iPhone su shiga Settings, General, About suna kan intanet. Idan akwai sabon saitin kamfani, zai fito a nan. Idan matsalar ta fara ne bayan an sauke wata manhajar kira ko ta tace masu kira, a koma kan manhajar kira ta asali a gwada.

Matakin ƙarshe a gida shi ne Reset network settings. Ba ya taɓa hotuna ko lambobin mutane, amma zai goge kalmomin sirrin Wi-Fi da na'urorin Bluetooth da aka haɗa. A lura sosai kada hannu ya kai kan Factory reset, wanda ke share komai.

Idan kuɗi na tsakiya

Wani lokaci laifin ba na kowa ba ne a gida. Ranar biyan albashi ko jajibirin salla, cunkoso kan sa lambar ta ƙi ga kowa. Ka tambayi na kusa da kai mai layi irin naka. Idan tasa ma ta ƙi, haƙuri ne magani, kada ka taɓa saiti.

Abin da ya fi haɗari shi ne saƙon ya fito bayan ka riga ka sa lambar sirri wajen tura kuɗi. Yankewar zama ba ta nufin kuɗin bai fita ba, domin mai yiwuwa umarnin ya isa banki, amsar ce ta ɓace a hanya. Kada ka maimaita. Ka jira saƙon banki, ka duba ragowar kuɗinka, ka tambayi wanda ka tura wa. Sai ka tabbatar babu abin da ya fita, sannan ka sake turawa.