Tallar Motar Hannu da Ba Ta Cika Baki

Gajeriyar tallar motar hannu rubutu ne da bai cika wuce layi shida ko bakwai ba. Ana manna shi a gilashin gaban mota, ko a sa shi ƙarƙashin hoto a WhatsApp, ko mai sanarwa ya karanta shi a rediyo cikin rabin minti. Aikinsa shi ne ya sa mutumin da bai taɓa ganin motar ba ya taso ya zo gareji. Wahalar rubuta shi ta samo asali ne daga yanayin cinikin kansa: mai gareji ya san abin da motar ta gani a rayuwarta, ko aƙalla ya fi kowa sani, mai saye kuwa fenti kawai yake gani da ƙyallin taya.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi bayanin wannan matsala a wata maƙala da ya wallafa a 1970, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Idan mai saye ba zai iya bambanta lafiyayyiyar mota da mai ɓoyayyen ciwo ba, zai taya kowace mota da farashin da zai rufa masa asiri ko da ya faɗa wa mai ciwon. Wannan farashi ya yi wa mai mota ta gari kaɗan, don haka sai ya janye tasa, kasuwa ta cika da marasa lafiya. Mai gareji mai kaya na kirki shi ne ya fi kowa asara a wannan hali, kuma shi ya fi kowa buƙatar hanyar da zai nuna nasa daban ne.

Kalmomin yabo ba sa iya yin wannan aiki. "Kamar sabuwa", "tsaf-tsaf", "sai wanda ya gani", "zuba mai kawai ka kama hanya": duk wanda ya taɓa zagaya garejin motoci a Kano ko Kaduna ya ji su har ya gaji. Ba su da tsada a baki, mai mota ta gari da mai ruɓaɓɓiya duk suna faɗarsu, saboda haka ba su gaya wa mai saye komai. Abin da ke da nauyi a talla shi ne maganar da za a iya zuwa a auna, wadda maƙaryaci zai ji tsoron rubutawa domin za a kama shi a gaban motar.

A ɗauki misalin wata Toyota Corolla ƙirar 2008 da aka shigo da ita daga Amurka. Tallar da aka saba gani za ta ce: "Corolla tokumbo, sabuwa fil, ba ta da matsala ko ɗaya, esi kamar firji, farashi mai rahusa. Yi sauri kafin wani ya riga ka." Ita kuwa ɗaya tallar, da alƙaluman da aka sa don misali kawai, ga yadda za ta kasance:

"Toyota Corolla 2008, inji 1.8, giya mai canza kanta. Daga Amurka ta zo, ta yi tafiyar mil 148,000 (kusan kilomita 238,000). An sake fentin ƙofar baya ta dama da bamban baya. Esi na aiki. Tayoyin gaba biyu suna buƙatar canji. Takardun kwastan suna nan, lambar shasi tana cikin hoto na uku. Naira miliyan 7 da rabi. Zo da bakanikenka ya duba."

Kowane layi a nan yana amsa tambayar da mai saye zai yi in ya zo, kuma wanda ya fi jan ƙasa shi ne na nisan tafiya. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da mil suke ƙirge, mil ɗaya kuma ya ɗan haura kilomita 1.6. Mai talla da ya rubuta "148,000" ya yi shiru bai yi ƙarya da baki ba, amma ya bar mai karatu ya ɗauka kilomita ne, ya ɓoye masa tafiyar kilomita 90,000 ke nan, wadda ta kai ta shekaru huɗu ko biyar ga mai hawa na yau da kullum. Akwai kuma masu mayar da agogon baya. Bakanike mai ido yakan gane ta wurin robar feda da ta suɗe, da sitiyari da ya yi sulɓi, da kujerar direba da ta lotsa, alhali agogo na cewa motar ba ta yi nisa ba. Idan mai gareji da kansa yana shakkar adadin, abin da ya dace ya rubuta shi ne "agogo ya nuna kaza, ba mu tabbatar ba". Wannan ya fi masa alheri a kan ya rantse da abin da wani ya taɓa a can ƙetare.

Sa lambar shasi a talla shi ne abin da ya fi nuna mai gareji ba ya tsoron bincike. Lambar, wadda ake kira VIN, tana da haruffa da alƙaluma 17 a motocin da aka ƙera tun daga 1981, kuma ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofarsa. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma yana nuna shekarar ƙira: 8 a wannan gurbi na nufin 2008, A kuma 2010. Wanda aka ce masa mota 'yar 2010 ce zai iya ƙirgawa da yatsa ya gani. Da wannan lamba kuma ake neman rahoton tarihin mota a wurin kamfanoni irin su Carfax, inda sau da yawa akan ga adadin mil da aka rubuta a lokutan gyara, da ko kamfanin inshora ya taɓa yanke mata hukuncin cewa ta lalace saboda haɗari ko ambaliya. Da yawa daga motocin da ke zuwa Afirka ta Yamma daga wuraren gwanjon irin waɗannan motoci aka sayo su, aka gyara. Wannan ba haramun ba ne, kuma motar da aka yi wa gyara na ƙwarai tana iya yin shekaru tana aiki. Laifin yana wurin sayar da ita da sunan wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba.

Batun takardu gajere ne amma ba a tsallake shi. Tun daga farkon Janairun 2017, lokacin da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, tambayar ko an biya wa mota kuɗin fito ta ƙara nauyi, domin motar da ta biyo ɓarauniyar hanya daga Kwatano ana iya ƙwace ta a hannun wanda ya saya da kuɗinsa na halak. Layi ɗaya da ke cewa takardun suna nan, kuma lambar da ke jikinsu ta yi daidai da ta jikin mota, ya isa.

Faɗar aibi shi ne wurin da masu gareji suka fi jin nauyi, domin suna ganin kamar korar mai saye ne. Abin da ke faruwa a zahiri ya bambanta. Wanda ya karanta cewa an sake fentin ƙofa, ya zo ya tsaya a gefe ya ga launinta ya ɗan saɓa da na sauran jiki, ya sami shaidar farko cewa tallar ba ta yaudare shi ba, sai ya ƙara yarda da sauran layukan. Wanda kuwa aka ce masa babu matsala ko ɗaya, ya gano fentin da kansa, daga nan zai fara zargin inji da giya da komai, ya kuma zaftare tayinsa fiye da kuɗin fentin sau da yawa. Aibin da aka faɗa tun farko yana da iyaka, ana iya lissafa kuɗin taya biyu a cire. Wanda aka gano bayan an ɓoye ba shi da iyaka a zuciyar mai saye.

Sai dai akwai gaskiyar da ita ma dabara ce. Wani zai ambaci ɗan ƙwarzane a bamba don a ce masa mai gaskiya, ya yi gum a kan cewa motar ta kwana cikin ruwa. Ƙa'idar ita ce a fara da aibin da ya fi tsada ko ya fi haɗari: babban karo da ya taɓa shasi, shigar ruwa, inji mai shan baƙin mai ko mai zafi, giya mai fizga, jakar iska da ta fashe ba a mayar ba. Irin waɗannan ba sa ɓoyuwa ga wanda ya san inda zai duba. Motar da ruwa ya ci takan bar tsatsa a ƙarfen da kujera ke gudu a kai, da busasshen taɓo a ƙarƙashin kafet ko a ramin safaya, da warin danshi da turare ba ya kashewa. Fitilun gargaɗi kuma, idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, ya kamata su kama gaba ɗaya sannan su mutu bayan ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar an kashe ta ne don kada ta tona asiri.

Alƙawari ma yana buƙatar iyaka. "Muna ba da garanti" magana ce da ke haifar da rigima, domin mai saye zai fahimce ta da faɗi, mai gareji kuma da ƙunci. Gara a rubuta abin da za a iya cikawa, kamar a ce in inji ko giya suka nuna matsala cikin kwana bakwai a dawo da ita a gyara ko a mayar da kuɗi. Garejin da ba zai iya ɗaukar wannan ba, gayyatar bakanike da barin a ɗaga motar a duba ƙasanta sun wadatar. Haka kuma tallar tana lalacewa idan dillalai suka ɗauke ta suka share layin aibi suka ƙara nasu gishiri don la'ada ta fito da wuri, ko aka bar hoton motar da aka riga aka sayar don a jawo mutane a nuna musu wata. Maganin na farko shi ne a manna takardar a gilashin motar kanta, yadda duk wanda dillali ya kawo zai karanta da idonsa.

Bayan amfanin kasuwa, akwai hukunci. A fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa, mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano tsohon aibi da ba a bayyana masa ba lokacin ciniki, kuma wajibi ne mai sayarwa ya faɗi aibin da ya sani. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ita ma ta hana bayanin ƙarya ko na yaudara game da kaya. Rubutacciyar talla hujja ce a kan wanda ya rubuta ta, kuma hujja ce a gare shi: mai garejin da ya rubuta cewa an sake fenti kuma tayoyi sun tsufa, babu mai dawo masa da mota bayan wata guda a kan fenti ko taya.