Makulli ɗaya ba ya kulle talabijin

Uba ya sa wa talabijin lambar sirri, ya fita kasuwa hankalinsa kwance. Da ya dawo bayan la'asar sai ya tarar da yara sun baje a falo suna kallon fim ɗin da ko shi kansa zai ji nauyin kallo a gaban surukarsa. Lambar tana nan yadda ya bar ta, babu wanda ya taɓa ta. Abin da ya faru shi ne ya kulle ƙofa ɗaya a gida mai ƙofa huɗu.

Talabijin na zamani, wanda ke hawa intanet, hoto yana shigo masa ta hanyoyi daban-daban: ta eriya, ta dikoda, ta manhajojin da ke cikinsa, sai kuma filashi ko waya. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne dikoda. Ita dikodar tauraron ɗan'adam hoto kawai take turo wa talabijin ta wayar da ke shiga ramin HDMI. Talabijin bai san wace tasha ake kallo ba, balle ya san ko shirin na manya ne. Saboda haka makullin tashoshin da ke jikinsa tashoshin eriya yake tsarewa, ita kuwa dikoda sai an bi ta da nata makullin.

Mu ɗauki gidan da ke da talabijin ɗin Samsung da dikodar DStv. Talabijin ɗin yana zuwa daga kamfani da lamba 0000, dikodar kuma 1234. Duk yaron da ya kai aji huɗu a firamare zai gwada waɗannan biyun kafin komai, don haka aikin farko shi ne canza su. A talabijin ana shiga Settings, a nemi System Manager, sannan Change PIN. Kada a sa shekarar haihuwar wani a gidan, ko ƙarshen lambar wayar maigida, wadda yara suka haddace tun suna ƙanana. Kada kuma a danna ta suna zaune, domin idon yaro a kan yatsa yake. Bayan haka a shiga Apps, a buɗe saitinsu, a zaɓi Lock a kan kowace manhajar da ba a so su buɗe. Mutane da yawa sukan kulle YouTube su manta da manhajar Internet, alhali ta nan yaro zai rubuta adireshin shafin ya shiga abinsa.

A dikoda kuwa, a ƙarƙashin Parental Control ake zaɓar iyakar shekaru. Idan aka tsayar da ita a 13, duk shirin da aka yi wa alamar 16 ko 18 zai toshe har sai an sa lamba. Sai dai wannan ya dogara ne ga alamar da tashar ta liƙa wa shirin, kuma ma'aunin masu liƙawar ba lallai ya zo daidai da na gidanka ba. Tashar da ba ka yarda da ita ba, gara ka kulle ta ɗungurungum.

A ganina kulle YouTube gaba ɗaya ba ya daɗewa, domin uwar gida za ta gaji da kiran "Mama, zo ki buɗe mana", wata rana ta faɗa wa babbansu lambar don ta samu ta ƙarasa girki. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a buɗe wa yaro nasa asusun na yara a cikin manhajar, a zaɓi rukunin shekarunsa: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, ko 9 zuwa 12. A Netflix ma haka ne, amma a tuna cewa ɓangaren yara ba ya hana su komawa na manya. Na manyan ne ake sa wa lamba mai alƙaluma huɗu, ta Profile Lock.

Akwai kuma abin da masu sayar da talabijin ba sa faɗa. An tanadi hanyar dawo da lamba ga wanda ya manta da ita: wasu maɓallan rimot ake dannawa a jere, lambar ta koma 0000, kuma bayanin yana nan a intanet ga duk mai nema. Alamar an yi maka haka ba ta da wuyar ganewa. Ka sa lambarka ta ƙi, ka gwada 0000 ta buɗe.

Filashi kuwa, irin wanda ake kaiwa shagon masu tura finafinai a cika shi, babu wata alamar shekaru a jikin abin da ke cikinsa, don haka iyakar shekarun da ka saita ba ta ganinsa. Talabijin ɗin LG yana da Input Locks a ƙarƙashin Safety, inda ake kulle ramukan da ake jona na'urori. Inda babu irin wannan, sai dai a riƙa leƙa bayan talabijin lokaci-lokaci a ga abin da aka soka.