Kamashon Dillali Idan Kaya Suka Dawo

A ce dillali na samun kashi 5 cikin ɗari. Ya kawo odar atamfa ta naira 400,000, amma mai saye ya biya 300,000 kawai. Kamashonsa 15,000 ne, domin kan kuɗin da ya shigo ake lissafi, ba kan bashi ba.

Rigima na tasowa idan wata ya zagayo aka dawo da kayan 60,000, aka mayar wa mai saye kuɗinsa. Dillali ya riga ya karɓi 3,000 a kansu, sai a zare daga kamashonsa na gaba. Da kason ranar ciniki za a lissafa, ko an ƙara masa kaso daga baya. In kuwa daga bashin aka rage kayan, kada a taɓa masa ko kwabo.