Shin Sauya Salon Haruffa a Waya Yana Taimaka wa Masu Disleksiya? Ga Abin da Bincike Ya Nuna

Duk wanda ya taɓa nemo wa ƙaninsa ko ɗalibarsa maganin wahalar karatu a intanet, da wuya bai ci karo da OpenDyslexic ko Dyslexie ba. Salon haruffa ne guda biyu, wato abin da waya da kwamfuta ke kira Font, waɗanda aka ce an zana su musamman domin masu disleksiya. Alƙawarin yana da daɗin ji: ka sauke, ka sa a waya, karatu ya yi sauƙi. To amma kafin malamin lesin a Birnin Malam ya sake buga takardunsa, ko ɗalibar jami'ar Aliero ta ƙona data wajen saukewa, ya kamata a san abin da aka gani lokacin da aka gwada su a kan yara.

Mece ce disleksiya?

Disleksiya wahala ce ta koyon karatu da rubuta kalma daidai, wadda ba daƙiƙanci ko lalaci ke kawo ta ba. Za ka ga yaro mai kaifin baki, ya iya lissafin cinikin albasa da ka, amma da an miƙa masa takarda sai ya riƙa tuntuɓe a kan kalmar da ya karanta jiya.

Mutane da yawa suna zaton matsalar ido ce, wai haruffa ne ke jujjuyawa. Abin da mafi yawan masana suka tsaya a kai shi ne, tushen matsalar yana wajen sarrafa sautin magana: rarraba kalma zuwa sautukanta, da haɗa kowane sauti da harafinsa cikin sauri. Rikita b da d kuwa, kusan duk mai fara koyon karatu yana yi na ɗan lokaci, don haka shi kaɗai ba shaida ba ne.

Riƙe wannan bayanin, domin a kansa maganar salon haruffa take tangaɗi.

Abin da masu zanen suka yi

Christian Boer, wani mai zane ɗan ƙasar Holan wanda shi ma yake da disleksiya, shi ya ƙirƙiro Dyslexie a 2008. A 2011 Abelardo Gonzalez ya fito da OpenDyslexic kyauta. Dabararsu kusan ɗaya ce: an kaurara gindin kowane harafi kamar an ɗaura masa dutse don kada ya kife, an kuma ɗan bambanta haruffa masu kama da juna. Wato an zana su ne bisa zaton cewa haruffa na juyawa a idon mai karatu.

Da aka kai su aji

A 2017, masu bincike biyu a Amurka, Wery da Diliberto, sun sa yara 12 masu disleksiya karatu da OpenDyslexic da Arial da Times New Roman. OpenDyslexic bai ƙara musu sauri ba, bai rage kuskure ba, kuma babu yaron da ya ce ya fi son sa.

Yara 12 sun yi kaɗan, gaskiya ne. Amma a 2018 Kuster da abokan aikinta a Holan sun gwada Dyslexie a kan yara 170 masu disleksiya. Sakamakon bai sauya ba: karatunsu da Dyslexie bai fi na Arial sauri ko daidaito ba, kuma yawancinsu Arial suka zaɓa.

Gwajin da ya fi buɗe ido shi ne na Marinus da abokan aikinta a Ostireliya, a 2016, da yara 39 masu rauni a karatu. Da farko Dyslexie ya ci: yaran sun karanta kalmomin da suka ɗara na Arial da kusan kashi 7 cikin ɗari a minti guda. Wato mai karanta kalma 60 ya koma wajen 64. Sai masu binciken suka lura cewa Dyslexie yana barin fili mai yawa tsakanin haruffa da tsakanin kalmomi. Da suka buɗa wa Arial irin wannan filin, sai bambancin ya ɓace. Ashe ba gindin harafin ne ya yi aikin ba, tazarar ce.

Tazara, girma da gajeren layi

Batun tazara yana da nasa binciken. A 2012, Zorzi da abokan aikinsa sun gwada yara masu disleksiya 'yan shekara 8 zuwa 14 a Italiya da Faransa. Sun yi amfani da salon haruffa na yau da kullum mai girma 14, suka ƙara 2.5 pt tsakanin harafi da harafi, suka kuma buɗa tsakanin kalmomi da layuka. Kurakuran yaran sun ragu da kusan rabi. Dalilin da suka bayar shi ne cunkoso: idan haruffa suka matse, maƙwabtan harafi sukan hana a gane shi, kamar neman mutum ɗaya a tsakiyar kasuwar Jega ranar da take ci.

Sai dai a nan ma akwai iyaka. Ba kowane gwaji da ya biyo baya ne ya sami riba mai girma haka ba, kuma idan tazarar ta wuce kima, kalma takan wargaje har ido ya kasa gane inda ta ƙare.

A Sifen, Rello da Baeza-Yates sun bi motsin idon mutum 48 masu disleksiya a 2013 da salon haruffa 12. Sanannu irin su Arial, Verdana da Helvetica sun yi kyau, OpenDyslexic bai nuna fifiko ba, karkataccen rubutu kuwa, wato Italic, ya rage saurin karatu.

Ga masu waya akwai labari mai daɗi. A 2013 Schneps da abokan aikinsa a Amurka sun ba ɗaliban sakandare 103 masu disleksiya karatu a takarda da kuma a iPod, inda aka ƙara girman rubutu har kowane layi ya zama kalmomi kaɗan. Wasu daga cikinsu, ba duka ba, sun fi sauri da fahimta a ƙaramin allon. Ke nan ƙanƙantar fuskar wayarka na iya zama alheri, muddin rubutun yana sake jera kansa idan ka ƙara girma.

Matsalarmu ta daban: ƙugiya

Duk gwaje-gwajen nan da Turanci, Holanci, Italiyanci, Faransanci ko Sifaniyanci aka yi su. Mai karanta Turanci yana fama da b, d, p da q. Mai karanta Hausar boko kuwa nasa huɗun su ne b, d, ɓ da ɗ, ga kuma k da ƙ. Abin da ya raba su 'yar ƙugiya ce a saman harafi, kuma ita ke raba kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari.

Salon haruffa da yawa ba su da waɗannan haruffan. Idan waya ko Word suka nemi ɗ suka rasa, sai su aro shi daga wani salon, ko su nuna akwati. Shi ya sa wani lokaci kake ganin harafi guda a tsakiyar kalma ya fi sauran siranta, ko ya ɗan yi tsalle daga layi. Ga gwanin karatu wannan ba komai ba ne. Ga yaron da ke haɗa baƙi da wasali da ƙyar, cikas ne a tsakiyar kalma. Mafi muni shi ne idan mai bugawa ya gaji ya cire ƙugiyar gaba ɗaya, yaro ya koma canka.

Don haka kafin ka amince da kowane salo, rubuta wannan jimlar da shi:

```
Ɗan Bala ya ɓare ƙwai, Ƙasimu ya ɗauki Ɓaidu da 'ya'yansa.
```

Ka ƙara girma ka duba. Idan ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, sun yi kauri da tsayi ɗaya da maƙwabtansu, salon ya ci jarrabawa. Andika, wanda SIL ta zana domin masu koyon karatu, da Noto Sans na Google, duka kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffan Hausa.

Yadda za a gyara takarda

A ce malamin lesin zai tura wa ɗalibai labari mai shafi guda ta WhatsApp. An buga shi da girma 11, da Justify, kanun kuma da Italic, aka mai da shi PDF. A waya, PDF ba ya sake jera layi. Yaro zai yi ta ja dama da hagu har ya ɓace.

Gyaran a Word na kwamfuta bai wuce minti biyar ba. A zaɓi Andika ko Noto Sans, girma 14. A sa Line Spacing a 1.5. A bar Justify a koma Align Left, domin Justify yana buɗe ramuka marasa daidaito tsakanin kalmomi. A cire Italic da jan layi, a yi kanu da Bold. Yawancin waɗannan suna cikin shawarwarin ƙungiyar masu disleksiya ta Birtaniya. Don buɗa haruffa, a shiga Font, sai Advanced, a sa Spacing a Expanded, a fara da 1.5 pt. Shafi ɗaya zai iya komawa biyu, kuɗin fotokwafi ya ƙaru, amma ga mai waya sai a kwafi rubutun a tura shi a matsayin saƙo. A nan girman da aka saita a Font size na WhatsApp zai yi aiki, layuka su gajarta da kansu.

Gwada da agogo, kada ka tsaya ga "ya fi kyau"

Abin da yaro ya ce ya fi so ba lallai ne ya zama abin da ya fi karantawa da shi ba. Samo gajerun labarai masu wahala iri ɗaya, waɗanda bai taɓa gani ba. Ya karanta ɗaya a tsohon tsari, ɗaya a sabon, kowanne minti guda a bayyane. Ƙirga kalmomin da ya karanta, ka cire waɗanda ya kuskure. Gobe a kawo sababbin labarai, a juya wanda aka fara da shi, a yi haka kwana huɗu ko biyar.

Idan, alal misali, tsohon tsari yana ba da 41, 44, 40, sabon kuma 43, 40, 44, babu bambanci. Hawa da saukar yau da kullum ce. Idan sabon ya ci kusan kullum, kuma kurakurai sun ragu, a riƙe shi. Kada a maimaita labari ɗaya, domin karo na biyu kan fi sauri ko da wane salo ne. In yaron ya nace yana son OpenDyslexic, ya kuma ci jarrabawar ƙugiya, babu laifi a bar masa.

Iyakar abin da waya za ta yi

Gyaran shafi yana ɗauke duwatsu ne daga hanya. Ba ya koya wa yaro tafiya. Abin da bincike ya fi goyon baya wajen taimakon masu disleksiya shi ne koyar da sauti da harafi daki-daki, a jere, da maimaici: ba, bi, bu, sannan ɓa, ɓi, ɓu, har haɗa gaɓoɓi ya zama jiki. Hausa tana da sauƙi a nan, domin yawancin haruffanta sauti ɗaya suke wakilta. A harsuna masu irin wannan tsarin, kamar Italiyanci, disleksiya ta fi bayyana a jinkirin karatu fiye da yawan kuskure, don haka yaron da ke karantawa daidai amma a hankali ƙwarai shi ma a sa masa ido.

Idan kuma yana matso da takarda kusa da fuska, ko yana kukan ciwon kai, a fara da gwajin ido a asibiti. Wannan wata matsala ce daban, kuma tabarau na iya magance ta.