Lodin Bayanai Kashi-Kashi: Yadda Ake Hana Aikin Dare Ya Bar Ɓarna

A watan Yunin 2012, miliyoyin masu ajiya a bankunan RBS da NatWest da Ulster Bank, a Birtaniya da Ireland, suka wayi gari albashinsu bai shiga ba, kuɗin da suka aika kuma bai isa ba. An sabunta manhajar da ke tsara ayyukan dare na bankunan, aka samu tangarɗa, lissafin dare bai kammalu ba, na washegari ya zo ya taru a kansa. Masu ajiya a Ulster Bank sun yi makonni cikin wannan hali. A 2014 hukumomin Birtaniya suka ci bankunan tarar fam miliyan 56.

Irin wannan aikin dare yana gudana a duk inda ake tara bayanai da yawa: bankuna, kamfanonin waya, hukumomin fansho. Ana kwaso layukan bayanai dubbai ko miliyoyi daga wani wuri a zuba su cikin rumbun bayanai. Ƙwararren injiniya ya san cewa wata rana aikin zai tsaya a tsakiya, ko don wuta, ko don sadarwa ta yanke, ko don layi guda ya zo da shirme. Abin da ke gabansa shi ne halin da rumbun zai kwana a ciki idan hakan ta faru.

Makamin farko shi ne tiransakshan. Kamar ciniki ne a kasuwa: kafin a ce an sallama, kowa na iya fasawa ya koma da abinsa, bayan an sallama kuwa magana ta ƙare. A rumbu irin PostgreSQL ana buɗe shi da BEGIN, a yi rubuce-rubucen da za a yi, a rufe da COMMIT. Idan an fasa, ROLLBACK yana goge duk abin da aka rubuta tun daga BEGIN. Ko da injin ya mutu gaba ɗaya, yana tashi zai duba kundin da yake rubuta kowane canji a ciki, ya tabbatar da abin da aka sallama, ya yi watsi da sauran.

To me zai hana a zuba komai cikin tiransakshan guda? Idan lodin ƙarami ne, wannan shi ne daidai, kuma babu dalilin wahalar da kai. Matsalar tana zuwa da girma. Tiransakshan mai tsawo yana riƙe makullan layukan da ya taɓa, sauran masu son rubutu a kansu su yi ta jira. Yana hana rumbun share tsofaffin kwafin layuka, faifai ya yi ta kumbura. Sannan idan ya faɗi gab da ƙarshe, aikin sa'o'i ya tafi a banza.

Shi ya sa ake rarraba lodin. A ɗauki misalin wata hukuma mai biyan fanshon mutum miliyan biyu. Kowane layi yana da lambarsa, daga 1 zuwa 2,000,000, kuma an yanke a riƙa zuba dubu goma-goma, wato kashi 200, kowanne da nasa tiransakshan. Cikin dare, ana tsakiyar kashi na 138, sai sadarwa ta yanke. Kashi 137 sun riga sun zauna daram, layi 1,370,000 ke nan. Na 138 kuwa rumbun ya mayar da shi baya kamar ba a taɓa farawa ba. Babu rabin kashi a ko'ina.

Sai dai a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Da safe mai aikin zai sake tayar da lodin, kuma dole manhajar ta san inda aka tsaya. Idan ta faro daga lamba ta ɗaya, mutum 1,370,000 za su samu biya sau biyu. Wasu kan ajiye alamar inda aka tsaya a wani fayil daban, su rubuta ta bayan COMMIT. Tsakanin COMMIT ɗin da rubutun fayil ɗin akwai ɗan lokaci wanda bai kai ƙiftawar ido ba, amma idan wuta ta ɗauke a daidai nan, rumbun yana da kashin, fayil ɗin kuma ya ce babu. Mutum dubu goma za a maimaita wa. Idan aka juya tsarin, aka fara rubuta alamar, dubu goma ne za a tsallake, kuma wannan ya fi muni, domin ba wanda zai sani sai tsofaffi sun yi layi a ƙofar ofis.

Maganin shi ne alamar ta zauna a tebur cikin rumbun kansa, a rubuta ta cikin tiransakshan ɗin da ya ɗauki kashin:

```sql
BEGIN;
INSERT INTO biya (lamba, asusu, kudi)
  SELECT lamba, asusu, kudi FROM sabon_lodi
  WHERE lamba > 1370000 AND lamba <= 1380000;
UPDATE matsayi SET inda_aka_tsaya = 1380000
  WHERE aiki = 'fansho';
COMMIT;
```

Yanzu kashin da alamarsa tare suke shiga, tare suke fasawa. Ko da layin sadarwa ya yanke a daidai lokacin COMMIT, manhajar ba ta ji amsa ba, ba sai ta yi canki-canka ba. Tana dawowa ta karanta teburin matsayi: in ta ga 1370000 ta sake kashin, in ta ga 1380000 ta wuce gaba. Mai taka-tsantsan yakan ƙara da sa wa lamba dokar UNIQUE, ta yadda rumbun da kansa zai ƙi karɓar layi ɗaya sau biyu.

Wurin yanka ma yana da doka. Idan kowane biya yana tafiya da ragin kuɗi daga asusun hukuma, dole su biyun su faɗa cikin kashi ɗaya. Kashin da ya raba su zai shiga lafiya ƙalau, amma littafin kuɗi ba zai daidaita ba.

Duk da haka, layi 1,370,000 cikin miliyan biyu aiki ne da bai kammalu ba, kuma akwai inda ba a son kowa ya gan shi a haka. Rahoton da aka haɗa daga nan zai ba da jimillar ƙarya. A irin wannan, ana zuba kashe-kashen ne a teburin wucin gadi wanda ba kowa ke karantawa. Bayan an gama, an ƙirga layuka, an kuma gwada jimillar kuɗi da ta tushe, sai a musanya sunayen teburan biyu cikin gajeren tiransakshan guda. PostgreSQL yana yarda da canjin suna a cikin tiransakshan. A MySQL kuwa irin wannan umarni yana rufe tiransakshan da kansa, don haka RENAME TABLE guda ake amfani da shi a musanya su a bugu ɗaya. Tsohon injinsa MyISAM ma bai san tiransakshan ba sam, sai InnoDB.

Ƙirgan nan ba a tsallake shi. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da korona ba su shiga alƙalumanta ba, saboda tsohon tsarin fayil na Excel da aka bi ta cikinsa ba ya wuce layi 65,536. Abin da ya haura nan ya zube a hanya, sauran ya shiga ba tare da wani ƙorafi ba. Tiransakshan yana kare abin da aka miƙa masa ne kawai, bai san da wanda bai iso ba.

Haka kuma ikonsa bai wuce bangon rumbun ba. Saƙon alat da ya riga ya sauka a wayar ɗan fansho, ROLLBACK ba zai janyo shi ba. Don haka ake rubuta saƙonnin a wani tebur cikin tiransakshan ɗin kashin, wata manhaja daban ta riƙa ɗauka tana aikawa bayan an yi COMMIT.